Yadda Ake Canza Salon Gashi ko Tsawonsa a Hoto Ba Tare da An Ɓata Goshi Ba

Tambayar da masu koyon gyaran hoto suka fi maimaita mini ita ce dalilin da ya sa idan sun ƙara wa mutum gashi a hoto sai ya fito kamar an kifa masa hular gashi, alhali sun yanke gashin da kyau kuma launinsa ya dace. Kusan duk lokacin da na buɗe aikin nasu, a wuri guda nake samun matsalar, wato inda gashi ya haɗu da fatar goshi, wanda zan riƙa kira bakin gashi. Sun ɗora sabon gashi a kan wannan wuri sun rufe shi, sannan suka koma suna ƙoƙarin ƙirƙirar wani da buroshi. Hanyar da zan bi a nan ta ginu ne a kan akasin haka: bakin gashin mai hoton yana nan yadda kyamara ta ɗauke shi, sabon gashin kuwa daga bayansa zai fara.

Zan yi amfani da hoto guda daga farko har ƙarshe. Hoton wata matashiya ce da aka ɗauka a situdiyo, faɗinsa fiksel 4000, tsayinsa 6000. Ta taje gashinta baya ta ɗaure shi a ƙeya, fuskarta ta ɗan karkata zuwa dama, fitila na haska ta daga hagun hoton, bango kuma ruwan toka ne. Abin da ta nema shi ne gashi mai cika da ya sauko har kafaɗa.

Kayan aiki da abin da aikin zai ci

Sunayen da zan ambata na Photoshop ne, wanda ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara. Wanda bai da shi zai iya yin kusan dukkan matakan a Photopea, wadda ake buɗewa kyauta a burauza kuma jerin umarninta ya yi kama da na Photoshop sosai, ko a GIMP, wadda ita ma kyauta ce amma sunayen kayanta sun ɗan bambanta. Ana buƙatar asalin hoton daga kyamara ko daga wayar da ta ɗauka. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ƙananan gashin bakin goshi sun narke sun zama dishi-dishi, don haka a ce wa kwastoma ya turo shi a matsayin fayil. Allon zane mai alƙalami yana sauƙaƙa mataki na takwas ƙwarai, amma da linzamin kwamfuta ma ana yi, sai dai da haƙuri.

Abin da aikin ya fi ci lokaci ne. Irin wannan hoto yakan ɗauke ni awa biyu zuwa uku, kuma kusan rabin lokacin a neman gashin da ya dace da kuma gyaran bakin gashi yake tafiya. Mai yi wa mutane aiki ya lissafa kuɗinsa da wannan, kada ya yi cinikinsa kamar na goge ƙuraje. Sannan abu biyu kafin a fara: sai da izinin mai hoton, musamman idan mace ce, kuma ba a yin wannan gyara a hoton fasfo ko na katin shaida.

1. Auna fuskar kafin ka taɓa komai

Buɗe hoton, danna Ctrl+J ka kwafi leyar asali, ka bar ta ƙasan a kulle don kwatantawa daga baya. Buɗe sabuwar leya mara komai a sama, ka ɗauki buroshi ja siriri ka zana abubuwa uku: layin da ya bi bakin gashi daga kunne zuwa kunne, da'irar ƙoƙon kai kamar yadda ɗaurarren gashin ya nuna shi, da ƴan kibiyoyi masu nuna inda gashin ya nufa a tsakiyar goshi da gefe da gefe. Wannan leya taswira ce kawai, za a kashe ta a ƙarshe.

Daga nan sai awo. A yawancin fuskoki, tazarar bakin gashi zuwa gira, da ta gira zuwa ƙasan hanci, da ta ƙasan hanci zuwa haɓa, kusan ɗaya suke, idanu kuma suna kusa da tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙololuwar kai da haɓa. A hotonmu, daga bakin gashi zuwa haɓa fiksel 1,800 ne. Tun da wannan tazara a fuskar baligi takan kai wajen santimita 18, kowace santimita ɗaya ta zama fiksel 100 ke nan. Riƙe wannan lissafi, domin da shi za mu san faɗin wurin haɗi da kaurin buroshi, maimakon yin ƙiyasi da ido.

Gargaɗi: awon kashi uku ɗin nan na dubawa ne kawai, ba na gyara halitta ba ne. Idan goshin mai hoton ya fi kashi ɗaya bisa uku faɗi, haka kamanninta suke, kuma da zarar ka sauko da bakin gashin da santimita ɗaya, ƴan uwanta za su ce hoton ba ita ba ce ko da sun kasa faɗin abin da ya canza.

2. Zaɓi gashin aro

Gashin da za a ɗora daga wani hoton zai fito, kuma zaɓensa ne ke yanke hukuncin ko aikin zai yi kyau. Abu huɗu nake dubawa, bisa wannan jeri. Na farko karkatar kai: idan mai hotonka ta juya dama kaɗan, mai gashin aro ma ta juya haka, kuma tsayin kyamara ya yi daidai, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana nuna tsakiyar kai da yawa, wanda aka ɗauka daga ƙasa kuwa yana ɓoye ta. Na biyu ɓangaren da haske ya fito, wanda ake ganewa daga inda gashin yake sheƙi. Na uku irin gashin kansa: silin gashi mai murɗewa da aka taje ba zai haɗu da gashi mai santsi kamar siliki a wuri guda ba tare da an ga mahaɗar ba. Na huɗu girma, wato kan da ke hoton aro ya kai girman na hotonka ko ya fi shi, saboda rage girma ba ya ɓata kaifi amma ƙarawa tana ɓatawa.

Launi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa, don haka shi ne na ƙarshe da za ka damu da shi, ko da yake shi masu koyo suke fara dubawa.

Mafi kyawun gashin aro shi ne na mai hoton kanta daga wani hotonta, sai wanda ka ɗauka da kanka a situdiyonka da irin fitilar da ka saba, a gaban farin bango, da izinin mai shi. Idan daga wuraren sayar da hotuna za ka samo, karanta sharuɗɗan amfaninsu.

Gargaɗi: juya hoton aro da Flip Horizontal yana juya karkatar kai da haske a lokaci guda. Idan karkatar ta yi daidai amma hasken ya saɓa, juyawa za ta gyara ɗaya ta ɓata ɗayan. Sauya hoto ya fi sauƙi a kan sake zana sheƙin gashi gaba ɗaya.

3. Share abin da sabon gashi ba zai rufe ba

A hotonmu ɗaurin gashin ya ɗan leƙo ta bayan wuya a gefen dama, kuma mai yiwuwa ya bayyana ta tsakanin silin sabon gashi. A sabuwar leya, ɗauki Clone Stamp, ka sa Sample a kan Current & Below, ka kwaso bango daga kusa ka rufe shi. Iyakar sharar ke nan. Gashin da ke kan kai kuwa ka bar shi baki ɗaya, ko wanda kake ganin za a rufe, domin shi ne zai zama duhun da ke ƙarƙashin sabon gashi, ya hana hasken bango kutsowa ta ƙananan ramuka.

4. Yanke gashin aro

Jawo hoton aro cikin aikinka, ka danna masa dama ka zaɓi Convert to Smart Object, don kada yawan ƙarawa da ragewa su cinye kaifinsa. Da Lasso ka kewaye gashin da ɗan sarari, sannan ka shiga Select and Mask ta Alt+Ctrl+R. Bi gefen waje na gashin da Refine Edge Brush, a hankali, rabin buroshin a kan gashi rabi a kan bango, ba tare da ka kutsa cikin tsakiyar gashin ba, domin idan ka kutsa sai ya huda shi ya zama shara-shara. Fitar da sakamakon a matsayin Layer Mask, wanda zan riƙa kira mas, inda baƙi ke ɓoye sashen leya, fari kuma ya bayyana shi.

Fuskar mai gashin aro kuwa kada ka goge ta tukuna. Muna buƙatar idanunta da kunnuwanta a mataki na gaba.

Idan an ɗauki gashin a farin bango, za ka ga wani farin zobe ya kewaye silin gefe bayan ka ɗora shi a bangon toka. Maganin da na fi so shi ne a kwafi leyar gashin, a sa kwafin a ƙasa da yanayin Multiply, a bar mas ɗinsa ya fi na sama faɗi kaɗan, sannan a ɗan ci gefen mas ɗin leyar sama da baƙin buroshi mai laushi. A Multiply fari yana ɓacewa, baƙin sili ya zauna a kan bango da kansa. Idan bangon aro bai yi fari sosai ba, a tura shi da Levels har ya yi fari fat. Akwai kuma Decontaminate Colors a cikin Select and Mask, amma yakan dagula gefen gashi idan an ƙure shi.

5. Zaunar da shi a kan ƙoƙon kai

Rage Opacity na gashin aro zuwa 50, danna Ctrl+T, ka jawo madogarar juyi zuwa kan ido ɗaya bayan ka ɗora shi a kan idon mai hotonka, sannan ka juya kuma ka daidaita girma har ido na biyu ya zo kusa da nasa. Wannan zai ba ka girma da karkata na farko. Amma fuskoki ba ɗaya suke ba, don haka bayan idanu sun yi daidai sai ka koma kan jan zanenka: bakin gashin aro ya zauna a kan na mai hoton ko ya ɗan yi baya da shi, kunnuwa su yi kusan tsayi ɗaya, tsaga kuma, idan akwai, ta faɗo a kan layin da ya bi tsakiyar kai gwargwadon karkatarsa.

Dubi tudun gashin a saman kai. Gashin da aka sake yakan tashi santimita ɗaya zuwa biyu a kan ƙoƙon kai, wato fiksel 100 zuwa 200 a hotonmu, sai dai idan salon na tsefaffen gashi ne da aka taje shi sama, wanda ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan gefen gashin aro ya faɗo cikin da'irar ƙoƙon kai da ka zana, kan zai fito kamar an matse shi. Idan ya wuce da yawa, hula ta fito.

Ƙananan bambance-bambance a gyara su da Warp ko Puppet Warp. Mayar da Opacity zuwa 100, ka goge fuskar aro a mas.

Gargaɗi: gashin aro ake lanƙwasawa ya bi kan mai hoto, ba a lanƙwasa kanta ya bi gashin. Kada ka shiga Liquify da leyar fuska don ka matso da goshi. Yana ja wa ƙofofin fata tsawo, gira ta ɗaga, kuma wannan jan yana bayyana ƙarara idan an buga hoton babba.

6. Haɗa sabo da tsoho a bayan bakin gashi

Idan ka zuƙo bakin gashin mutum sosai za ka ga ba layi ba ne. Fata ce ke tafiya, sai ƴan siraran gashi ɗai-ɗai marasa duhu su fara bayyana, sai su ƙaru, fatar kai tana leƙowa ta tsakaninsu, har a kai inda gashi ya cika ya rufe fatar. Wannan sauyi yana ɗaukar wajen rabin santimita zuwa santimita ɗaya, yana shiga yana fita ba bisa tsari ba, kuma gefen hagu bai taɓa zama daidai da na dama ba. A mata yakan zagayo kamar baka, a maza kuwa yakan ja baya a kusurwoyi biyu na goshi. Duk wannan yana nan a hoton asali kyauta, da haskensa da launinsa daidai, kuma babu buroshin da zai zana shi ya kai na kyamara.

Danna kan mas ɗin gashin aro. Ɗauki buroshi mai laushi, Hardness a 0, girma wajen fiksel 150, Flow a 10, launi baƙi. Fara daga goshi ka riƙa gogewa zuwa baya har bakin gashin asali ya fito gaba ɗaya, tare da wani yanki na gashin asali mai faɗin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a bayansa, fiksel 150 zuwa 200 ke nan. A cikin wannan yanki sabon gashi zai fara bayyana a hankali, ya cika sarai a ƙarshensa. Danna maɓallin \ ka ga mas ɗin da ja, ka tabbata babu ko ɗigon gashin aro a kan fatar goshi.

Haɗin buroshi mai laushi shi kaɗai yana barin wani hazo inda silin biyu suka hau juna kamar hayaƙi. Don haka sai ka rage buroshin zuwa fiksel 8 ko 10, ka ɗaga Hardness zuwa 60, ka riƙa jan gajerun layuka a mas ɗin bisa hanyar da gashi ya kwanta. Ja da baƙi daga gaba zuwa baya, don tsohon gashi ya kutsa cikin sabo, sannan ka danna X ka ja da fari daga baya zuwa gaba, don sabo ya kutsa cikin tsoho. Tsawon layukan ya bambanta. Abin da ake so shi ne mahaɗar ta zama kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe.

A nan ne kibiyoyin da ka zana za su yi amfani. A hotonmu gashin asali an taje shi baya, shi ya sa na zaɓi gashin aro wanda shi ma ya tashi daga goshi ya yi baya kafin ya zubo gefe. Da na ɗauko mai tsaga a tsakiya wanda ya kwanto gefe tun daga tushe, da silin biyu sun gicciye juna, kuma babu yawan gogewar da zai ɓoye gicciyen. Idan saɓanin bai wuce kaɗan ba, Puppet Warp a kan gashin aro zai juyo da tushensa.

Gefen goshi, tsakanin wutsiyar gira da kunne, shi ne inda aka fi yin sakaci. Gashin wurin siriri ne, yana kwantawa ƙasa da baya, kuma a mata masu yawan kitso mai tsauri sau da yawa ya riga ya cinye. Ka bar shi yadda yake, sabon gashin ya zubo ta bayansa ko ya rufe shi daga sama kamar labule, amma kada ka cike shi da baƙi sai mai hoton ta nema, idan ta nema ma da sili za a cike, a mataki na takwas.

7. Launi da inuwa

Baƙin gashi ba iri ɗaya ba ne a hotuna biyu. Ɗauki Color Sampler, ka sa Sample Size a 5 by 5 Average, ka ɗiga ɗaya a wuri mafi duhu na gashin asali, ɗaya a wuri mafi duhu na gashin aro, ka karanta lambobin a Info. A hotonmu na asali ya ba da ja 24, kore 19, shuɗi 17, na aro kuwa 9 da 10 da 14, ma'ana ya fi duhu kuma ya karkata zuwa shuɗi. Ɗora Curves a kan gashin aro, ka maƙala shi da Alt+Ctrl+G don kada ya taɓa sauran hoton, ka shiga Red da Green da Blue ɗaya bayan ɗaya kana ɗaga ƙasan layin har lambobin su kusanci juna. Maimaita haka a wurin da gashin ya fi sheƙi. Bambancin lamba biyu ko uku ba ya bayyana.

Gashin da ba ya jefa inuwa yana shawagi ne a gaban fuska. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin gashin aro, a saman fuska, ka sa ta Multiply. Launin inuwar ka ɗauko shi daga inuwar da ke ƙarƙashin haɓar mai hoton, domin baƙi tsantsa a kan fata yana komawa toka-toka kamar datti. Da Flow a 5, zana inuwa iri biyu: siririya mai ɗan duhu daidai inda gashi ya taɓa kunci, wuya da kafaɗa, da kuma mai faɗi mai laushi a ɓangaren da gashi ya tare haske. Tun da fitilarmu daga hagu take, gashin da ya zubo a hagu zai ɗan duhunta gefen kuncin hagu da wuya, gashin dama kuma shi ne zai shiga inuwar fuska, don haka cikinsa ake duhuntawa.

Gargaɗi: goshin da gashi ya tashi daga gare shi ya yi baya ba ya buƙatar sabuwar inuwa, tasa ta asali tana nan. Masu koyo sukan bi bakin gashi da duhu daga kunne zuwa kunne, sai ya fito kamar an shafa baƙin rini ya zubo. Haka nan sheƙin da ke tsakiyar goshi shi ne ke nuna tudunsa, musamman a baƙar fata, don haka kada a goge shi. Sai dai inda wani curin gashi ya gitta ta kansa, nan a rage sheƙin a gefen curin.

8. Zana silin da suka rage

Silin gashin mutum bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba a yawancin lokuta. A hoton da santimita take fiksel 100, wannan bai cika fiksel ɗaya ba, don haka buroshin ya zama fiksel 1 ko 2, ba ya wuce haka. Danna F5, a ƙarƙashin Shape Dynamics ka sa Control na girma a Pen Pressure idan da alƙalami kake aiki, ko a Fade idan da linzami ne, don ƙarshen silin ya sirance. Yi aikin a sabuwar leya a saman komai, da Flow wajen 30, kana danna Alt kana ɗaukar launi daga gashin da ke kusa bayan kowane ƴan layuka, wani mai duhu wani mai haske.

Wurare uku ke buƙatar sili: kan mahaɗar da ka yi a mataki na shida, gefen waje na gashin inda yanka ya yi tsaf fiye da kima, da inda gashi ya sauka a kafaɗa. Kowane sili ya fara daga cikin gashi ya fita, da jan hannu guda mai sauri. Ashirin zuwa talatin a kan mahaɗar sun isa. Idan ka fara iya ƙirga su daga nesa, sun yi yawa ko sun yi kauri, sai ka rage Opacity na leyar zuwa 70.

Idan gajarta gashi ake so, ko goshin a rufe yake

Gajartawa ta fi sauƙi a goshi, ta fi wuya a ƙasa. Bakin gashi da saman kai ba a taɓa su sam. Aikin shi ne sake gina abin da dogon gashin ya rufe: bango, wuya, kafaɗa, riga, wani lokaci da kunne. Bango da riga Clone Stamp ya ishe su, wuya da kunne kuwa gara a ɗauko daga wani hoton mai shi ko daga ɗaya gefen a gyara haskensa. Sabon ƙarshen gashin kada a yanke shi a miƙe. A kwafi ainihin ƙarshensa daga ƙasa, a matso da shi sama, a haɗa da mas. A tuna a share tsohuwar inuwar da gashin ya jefa a wuya da ƙirji.

Idan kuwa ɗankwali, hula ko gashin da ya zubo gaba ya rufe goshin, babu bakin gashin da za a adana. A nan ne kaɗai ake ɗauko gashin aro tare da fatar goshinsa mai faɗin santimita biyu, a yi mahaɗar a kan fata, a daidaita launin fatar da Curves, a sa tsayin bakin gashin da awon kashi uku. Ni kam na fi son in nemi wani hoton mai shi da goshinta ya fito kafin in karɓi irin wannan aiki, domin goshin wata da wuya ya zauna a fuskar wata.

9. Daidaita kaifi da tsakin hoto

Zuƙo zuwa 100% ka kwatanta gashin asali da na aro. A hotonmu kyamara ta kama idanu ne, kunne kuwa ya ɗan dushe, don haka gashin da ke bayan kunne da wanda ya sauka bayan kafaɗa ba zai fi kunnen kaifi ba. Sa Gaussian Blur na fiksel 1 zuwa 2 a kan gashin aro, ka goge tasirinsa daga gaba ta mas ɗin Smart Filters. Leyar silin da ka zana ita ma tana son 0.4 ko 0.5. Bayan haka a ƙara tsaki, wato ƴan ƙwayoyin da kyamara ke bari a hoto. Fara da sake yi wa gashin aro Convert to Smart Object, don kada mas ɗin Smart Filters ya goge tsakin daga gaba shi ma, sannan Add Noise, da Gaussian da Monochromatic, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a kan gashin aro, sili da wuraren da ka share, har tsakinsu ya yi daidai da na kunci. Dusasawa kafin tsaki ake yi. Idan ka juya jerin, dusasawar za ta goge tsakin.

10. Dubawa da ajiya

Kashe leyar jan zane. Ɗora Curves na wucin gadi a saman komai ka ja tsakiyarsa sama sosai har hoton ya yi fayau; duk wata mahaɗa, hazo ko tabon bango da ke ɓoye a cikin duhu za su fito, ka gyara su ka goge wannan leya. Juya kallon hoton hagu zuwa dama, domin idon da ya saba da hoto yakan daina ganin karkata. Rage shi ya koma girman hoton da ke kan allon waya, inda ake gane ko kai ya yi girma ko ya zama hula. Sannan ka riƙe Alt ka danna idon leyar asali sau da yawa kana kallon goshi kaɗai: gira, sheƙi da bakin gashi kada ɗayansu ya motsa tsakanin hoton farko da na ƙarshe.

Ajiye aikin a PSD da dukkan leyoyinsa, domin kwastoma takan dawo ta ce a rage tsawon ko a ƙara cika, kuma da mas ɗin a hannu wannan aikin minti goma ne. Kwafin da za a ba ta a fitar da shi JPEG a sRGB da inganci mafi girma. Idan bugawa za a yi, a fara da ƙaramin gwaji na yankin goshi a girman da za a buga, saboda takarda takan haɗiye bambancin duhun da allo yake nunawa, wani lokaci kuma ta tona mahaɗar da allo ya ɓoye.